Wa Ya San Shi? Yadda Mai Sana'a a Potiskum Ke Mayar da Bakin Kwastoma Shaida

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba ya san cewa kafin a yi maganar kuɗin sa, akwai tambayar da ake fara yi, ko da a ido ne ba a baki ba: wa ya san mutumin nan? Baƙon da ya sauko daga mota da jakar kuɗi ba ya nufar makiyayi kai tsaye. Dillali yake nema, ko fatoman da zai sauke shi, domin idan saniya ta zama ta sata, ko aka ci bashi aka yi shiru, akwai wanda za a je ƙofar gidansa. La'adar da ake ba dillali kuɗin haɗa ciniki ne, amma a cikinta har da kuɗin sunansa da ya jingina. Tsarin nan ya bi shanu har kudu. Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake ba mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba, saboda kawai mai gida ya san wanda ke biya da wanda ba ya biya.

Na fara da kasuwar shanu ne saboda wani abu da na lura da shi a wayoyin matasan garin nan. Mai haɗa sola a unguwar Bolewa, mai ɗinki a Dogo Nini, mai gyaran waya a bakin tasha, mai lalle da ke karɓar aiki daga cikin gida, kusan kowa yanzu yana da shafi a WhatsApp ko Facebook, kuma kwastomansa ba 'yan unguwa kaɗai ba ne. Akwai na Damaturu da Azare da Gadaka, akwai ɗan gari da ke aiki a Abuja yana son a yi wa mahaifiyarsa aiki a gida. Waɗannan ba su da dillalin da za su tambaya. Abin da ke tsaya wa mai sana'a a wurinsu shi ne maganar waɗanda ya riga ya yi wa aiki. Matasan sun gane haka, shi ya sa kullum `Status` ke cika da hotunan hira: "Masha Allah, aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira." A ganina mafi yawan waɗannan hotuna ba sa sayar da komai. Yabo ne, ba shaida ba ce, kuma mai kuɗin da ke shirin tura alat na dubu ɗari bakwai ya san bambancin ko da ba zai iya faɗarsa ba.

Dalilin yana cikin tarbiyyarmu. Mutumin Potiskum, Babole ne ko Bangizime ko Bakarkare ko Bafulatani, ba zai kalli wanda ya yini yana zufa a kan rufin gidansa ya ce aikin bai yi ba. Akwai kara, akwai kunya, balle idan yaron ɗan aboki ne. "Allah ya yi albarka" gaisuwa ce, kuma gwani da ɗan koyo duk suna samunta. Mai karanta shafin ma ɗan ƙasar ne, shi ma ya sha faɗin haka ga wanda ya ɓata masa yadi. Saboda haka idan ya ga irin wannan addu'a guda talatin a jere, abin da ya koya shi ne mutanen garin suna da ladabi, wanda dama ya sani.

Aikin gidan Alhaji

Akwai wani matashi mai haɗa sola a unguwar Bolewa, ƙanin wani abokina ne, da na bi yadda ya sake salonsa. Ba zan kama sunansa ko na kwastomansa ba. Ya haɗa wa wani dattijo inbata mai ƙarfin 3.5kVA da batura biyu masu ruwa na 220Ah kowanne, da farantan sola shida. Ranar da aka kunna, yara suka yi ta ihu, Alhaji ya sa albarka, ya ƙara masa na shan ruwa. A da, a daren nan zai tura saƙo ya roƙi "ɗan yabo" ya liƙa a shafi. Wannan karon bai yi ba, kuma dalilinsa na sana'a ne zalla.

A ranar farko kowace sola tana aiki. Batura sababbi ne, cike suke daga shago, ko an yi lissafi daidai ko an yi ha'inci wuta za ta kawo. Aibin aiki sai daga baya yake fitowa. Idan farantan sun yi kaɗan, batura ba sa cika da rana, sai su riƙa raguwa a hankali har bayan wasu makonni inbata ta fara kuka da ƙarfe biyun dare. Idan an sa siririyar waya, sai ta fara zafi lokacin da aka ɗora kaya. Ƙurar hunturu a Disamba da Janairu tana rufe faranti, hadarin Agusta yana rage caji, zafin Afrilu kuma shi ne lokacin da kowace fanka a gida ke juyawa har asuba. Shaidar da aka bayar kafin ɗaya daga cikin waɗannan ya wuce, shaida ce a kan cewa an zo aiki an tafi lafiya kawai.

Kowace sana'a tana da irin wannan lokaci nata, kuma mai sana'ar ya fi kowa saninsa. Ga tela, bayan wankin farko ne, lokacin da za a ga ko ɗinki ya saki ko wuya ya karkace. Ga mai haƙa rijiyar burtsatse, ƙarshen rani ne, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya. Ga mai gyaran gilashin waya, mako biyu sun isa. Amma akwai iyaka ta ɗaya ɓangaren: idan aka bari shekara ta zagayo, kwastoma ya saba da abin har ya manta wahalar da yake ciki kafin aikin, sai ka tambaye shi ya ce "lafiya lau" ya yi shiru.

Shi dai yaron nan wata uku ya bari, ya koma a tsakiyar bazara da jarkar ruwan batir. Ya duba ruwa, ya ɗaure kawunan waya, ya goge faranti, bai karɓi ko sisi ba. Wannan ziyara dama haƙƙin aikin ce. Sai da ya tabbatar da idonsa cewa babu matsala sannan ya durƙusa ya ce:

"Baba, akwai wata alfarma da nake nema. Mutanen nesa suna tambayata wa na taɓa yi wa aiki. In babu damuwa, zan yi maka tambaya uku ka amsa a waya da muryarka, in riƙa nuna musu. In kuma ba ka so, wallahi ba komai."

Tambayoyin su ne gishirin abin. Bai ce "Baba, yaya ka ga aikina?" ba, domin amsar wannan addu'a ce. Ya tambaya: kafin a haɗa, yaya kuke kwana, kuma me kake kashewa? Yanzu me da me kuke kunnawa, zuwa ƙarfe nawa? Sannan ta uku, wadda yawancin masu sana'a ke tsoro: akwai abin da ya ba ka matsala, kuma yaya aka yi da shi?

Abin da ya fito, in na taƙaita shi, kusan haka ne. Da janareta suke kwana, sai a kashe shi ƙarfe goma sha ɗaya saboda mai. Yanzu fanka uku da ƙwayaye suna kai su sallar asuba. A mako na biyu inbata ta yi ta ƙara da rana, ya kira, yaron ya zo washegari da safe ya tarar an jona dutsen guga, ya nuna wa mutanen gida abin da ba a ɗorawa, tun daga nan shiru. Saƙon bai kai minti ɗaya ba, rabi da Hausa rabi da Bolanci, da kukan akuya a bayansa.

Wannan magana ana iya gwada ta, kuma nan ne ƙarfinta yake. Batura biyu na 220Ah a kan bolt 12 suna riƙe da kusan wat-awa 5,280, kuma irin masu ruwan nan ba a so a sha fiye da rabinsu, wato kamar 2,600. Fanka uku masu cin wat 60 kowacce, daga tara na dare zuwa biyar na asuba, awa takwas ke nan, sun ci 1,440. A ƙara ƙwayaye da abin da inbata ke ci da kanta, har yanzu lissafi ya tsaya. Wanda ya san sola zai ji ya gyaɗa kai. Da Alhaji ya ce firiza biyu da iyakwandishan suna kwana a kan batura biyun nan, da masani ya san ƙarya ce ko an sa masa magana a baki. Maganar dutsen guga kuwa, wadda yaron ya so ya yanke, ita ce ta fi kawo masa aiki. Ɗan gari da ke Abuja ba ya tsoron sola ta samu matsala, ya san za ta samu. Tsoronsa shi ne idan ta samu a kira lamba a ji ta a kashe, tsohuwa kuma tana cikin duhu.

Izini, da abin da ba a nunawa

Yarda a ɗauki murya daban, yarda a watsa ta daban. Na sha ganin hoton hira a `Status` ɗauke da lambar matar aure da hotonta a sama, an manta ba a rufe ba. A garin da kowa ya san kowa, wannan kaɗai ya isa ya kawo fitina a gida, ya kuma kashe wa mai lalle ko tela kasuwa a zuri'a guda. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗauki suna da lambar waya da hoto a matsayin bayanan mutum, ta ce shiru ba yarda ba ne, kuma wanda ya ba da izini yana iya janye shi. Amma tun kafin doka, al'ada ta riga ta faɗi haka.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi abubuwa uku a rarrabe, a cikin saƙon da za a iya ajiyewa: in sa sunanka ko in ce "wani magidanci a Bolewa"? In sa muryar ko in rubuta maganar? In wani yana son tabbatarwa, in ba shi lambarka? Da yawa za su yarda da biyun farko su ƙi na uku, kuma suna da gaskiya. Wanda ya yarda a kira shi, shi ne fatomanka, kada a gajiyar da shi. A ajiye shi don babban aiki, a kuma sanar da shi kafin a ba da lambar.

Ga mai sola akwai ƙarin hattara. Bidiyon da ya nuna ƙofar gida, da lungun, da ɗakin da batura suke, talla ce ga kwastoma, kuma taswira ce ga ɓarawo. A ɗauki allon inbata da tsarin wayoyi daga kusa, a bar fuskar gida.

Inda ake ajiye ta

`Status` yana gogewa bayan awa 24, kuma waɗanda kuka ajiye lambar juna ne kaɗai ke ganinsa, wato mutanen da suka riga suka san ka. Wurin tunatarwa ne. Baƙon da aka tura masa lambarka jiya da dare abin da zai buɗe shi ne furofayil ɗinka. WhatsApp Business, wanda ya fito a Janairun 2018, ya samu sashen `Catalog` a ƙarshen 2019, inda ake jera kaya har 500, kowanne da hoto da bayani. Yaron nan sai ya mayar da kowane aikin da ya gama kamar haja guda: hoton aikin, girman inbata da batura, unguwa, wata da shekarar da aka haɗa, sannan jimla biyu daga bakin mai gidan da kwanan watan da ya faɗe su. Kwanan watan nan biyu suna da muhimmanci. "An haɗa a Janairu, ya yi magana a Afrilu" ya riga ya amsa tambayar da mai saye zai yi. Saƙon muryar kuma yana ajiye da shi, yana tura wa wanda ciniki ya yi nisa da shi.

Sai dai duk abin da ke cikin `Catalog` kai ka zaɓa, kai ka rubuta, kai za ka iya gogewa, kuma mai saye ya san haka. Hoton hira ma abu ne da ake ƙirƙira da waya biyu cikin minti biyar. Shi ya sa shaidar da ke zaune a wurin da ba ka da iko da shi ta fi nauyi. A taswirar Google, wanda ya buɗe Google Business Profile ya tabbatar da sana'arsa, kwastomomi suna iya ba shi tauraro ɗaya zuwa biyar su rubuta abin da suka gani. Mai sana'a yana iya ba da amsa, yana iya kai ƙarar sharhin da ya karya ƙa'ida, amma ba zai iya goge wanda bai yi masa daɗi ba. A cikin shafin akwai maɓallin `Ask for reviews`, wanda ke ba da gajeren adireshi da za a tura wa kwastoma ya latsa ya faɗa kai tsaye wurin rubutu. Wanda ba shi da shago, yana bin gidaje ne, yana iya ɓoye adireshinsa ya nuna yankin da yake aiki. A Facebook kuma tun 2018 shafukan kasuwanci suka bar taurari suka koma tambayar e ko a'a: kana ba da shawarar wannan wuri? Amfanin Facebook a gari irin namu shi ne sunan mai shaidar yana kai ka shafinsa, ka ga mutum ne na gaske, wataƙila ma kuna da abokai goma tare.

Matsalar a aikace ita ce dattijo irin Alhaji ba zai rubuta a Google ba. Wayarsa tana da asusun Google, tunda mai shago ya buɗe masa ranar da ya saya, amma bai san da shi ba. Nan ne jarabawa take. Abu mafi sauƙi shi ne ka karɓi wayar ka rubuta wa kanka. Kada a yi. Ban da cewa ba maganarsa ba ce, sharhi goma masu salo ɗaya da kuskuren rubutu iri ɗaya suna tona kansu. Mafita ita ce ɗansa ko 'yarsa da ke kwana a ƙarƙashin fankar su rubuta da asusunsu abin da suka gani, domin su ma masu amfani da aikin ne. Da Hausa ma ya yi, ba dole sai da Turanci ba.

Zaɓen masu daɗin baki

A nan akwai wani abu da masu koyar da kasuwanci a waya ba su cika faɗa ba. Shawarar da aka saba ji ita ce ka nemi waɗanda suka ji daɗin aikinka su yaba maka. A shafinka na kanka wannan ba laifi, kowa ya san mutum ba ya rataya hoton ranar da ya faɗi. Amma ƙa'idar Google ta hana a zaɓi masu gamsuwa kaɗai a tura musu adireshin a ɓoye wa sauran, ta kuma hana ba da kuɗi ko ragi ko kyauta don a rubuta sharhi. Katin ɗari biyar da ake turawa "don data" yana cikin wannan. Kamfanin ya ce a 2023 kaɗai ya toshe ko ya cire sharhi sama da miliyan 170 da suka saɓa ƙa'ida. Ana iya wayar gari a tarar an share na ƙaryar.

To me mutum zai yi da kwastoman da ya san ransa a ɓace yake? Ya je ya gyara, sannan ya tura masa adireshin kamar kowa. Ziyarar wata uku da na ambata amfaninta ke nan: tana fito da ƙorafi a zaure kafin ya fita titi. Kuma maganin mummunan sharhi yawa ne, ba ɓoyewa ba. Mai sharhi uku, biyu masu tauraro biyar ɗaya mai tauraro ɗaya, makinsa 3.7. Mai guda goma da mummuna ɗaya yana da 4.6. Mai talatin da mummuna ɗaya yana kusan 4.9. Mutum ɗaya ne ya fusata a duka ukun. Ni kaina idan na ga shago da biyar cif daga mutum arba'in, duk an rubuta cikin mako guda, duk "gud wok", sai in tuna da ɗan takarar da ya ci akwatin mazaɓa ba ƙuri'a ko ɗaya da ta ɓace.

Yaron Bolewa ya samu nasa tauraro ɗayan. Wani mai shagon sanyi ne ya rubuta cewa batura sun mutu cikin wata biyar. Da zafi ya so ya mayar, yayansa ya hana shi. Amsar da ya rubuta daga baya gajeriya ce: ya ba da haƙuri, ya ce an haɗa tsarin ne don firiza ɗaya kamar yadda aka rubuta a rasit, ya tarar da uku a jone, kuma a shirye yake ya zo su sake lissafi ba kuɗin ƙafa. Bai kira mutumin maƙaryaci ba, bai ambaci ragowar kuɗin da yake binsa ba. Amsar ba don mai shagon aka rubuta ta ba. Don mutum ɗari ne da za su karanta daga baya suna auna yadda wannan yaro yake idan rai ya ɓaci.

Sayen yabo kuwa ba sabon abu ba ne da waya ta kawo. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna karantar da babin najashi, wato mutum ya tsaya a kasuwa yana ƙara wa haja kuɗi ko yana zuzuta ta alhali ba saye zai yi ba, don kawai a ruɗi na gefe. Hani a kansa ya tabbata a Bukhari da Muslim. Duk wanda ya girma kusa da kara ya san irin mutanen nan da ke zagaye sa suna "kai, wannan ai ba a samun irinsa". Abokai goma da aka tara a majalisa kowa ya ba da tauraro biyar ga aikin da bai gani ba, su ne dai, sun sake riga. Hukumomi ma sun fara biyo sawu. A Amurka hukumar FTC ta fitar da doka a Agustan 2024 da ta haramta saye da sayar da sharhin ƙarya, da tarar da ke iya wuce dala 50,000 kan kowane laifi. A Najeriya dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya a kan kaya ko aiki. Ba na jin wani jami'i zai zo Dogo Tebo saboda tauraro biyar. Abin da zai zo shi ne ranar da mai saye ya haɗu da "kwastoman" a wurin ɗaurin aure ya tambaye shi yaya solar, shi kuma ya ce wace sola?

Akwai kuma gyaran magana, wanda ya fi sayen yabo yawa saboda ba a ɗauke shi laifi ba. Rage tsawon saƙo ba komai, a cire gaisuwa da tari da maimaici. Amma idan Alhaji ya ce "tana kai mu asuba in ba a kunna talabijin ba", aka yanke rabin na biyu, an sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba, kuma wanda ya saya a kan wannan magana zai dawo da ita a bakinsa. Abin da ya fi shi ne a tura masa yadda aka rubuta ya gani kafin a liƙa.

Masu neman aiki daga waje, irin ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke nan Potiskum masu zanen tambari ko fassara, lamarinsu ya ɗan bambanta. A Upwork ana ba ɓangarori biyu kwana 14 bayan rufe kwangila su rubuta ra'ayinsu, kuma ba wanda ke ganin na ɗan'uwansa sai duka sun rubuta ko wa'adi ya cika. Wanda ya ji kunyar tunatarwa har kwanakin suka wuce ya yi aikin, amma a idon kwastoma na gaba kamar bai yi ba. Saƙo ɗaya na ladabi ranar miƙa aiki, da tuni ɗaya bayan mako, sun isa. Na uku ya zama naci, a can da nan duka.

Abu na ƙarshe da na ga yaron nan yana yi shi ne tace abin da ya tara. Ba ya tura wa kowa komai. Mai neman sola ta gida yana samun muryar Alhaji. Mai kemis da ke son firjin magani yana samun shaidar wani mai kemis. Wanda ya kira daga Fika ko Gadaka ana tura masa ta mutumin yankinsa, in da hali da Bolanci, domin tambayarsa ta gaskiya ita ce ko yaron zai yarda ya hau mota ya zo idan abu ya lalace. Shaidar da ta wuce shekara biyu yana sauke ta ƙasa, sai dai in ya koma gidan ya samo sabuwa, wadda ta fi ta farko daraja tunda ta nuna aikin ya rayu. A littafin rasit ɗinsa, gefen sunan kowane kwastoma, akwai kwanan wata biyu da ya rubuta da jan biro: ranar da aka kunna, da ranar da zai koma da jarkar ruwan batir. Na gidan Alhaji na gaba ya faɗo a Agusta, tsakiyar hadari, kuma ya ce wannan karon tambaya biyu zai yi: kwana nawa a jere rana ba ta fito ba, kuma ƙarfe nawa fanka ta tsaya.